Darasi: Yadda Ake Fassara Karin Magana a Cikin Waƙa

Wanda ya biyo hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa, zai ji waƙa da harsuna iri-iri kafin ya sauka daga mota. Direba ya sa begen da aka ɗauko daga Larabci, yaron mota yana kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a waya, a kasuwa kuma ga Fulani makiyaya da tasu waƙar, can kudancin Doguwa ga Kurama da tasu. A duk inda waƙa ta tsallaka daga wani harshe zuwa wani, akwai wanda ya yi aikin tsallakar da ita, kuma inda ya fi shan wuya shi ne wurin karin magana da adon magana.

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya abu uku: ya gane karin magana ko da mawaƙi ya gutsure ta, ya faɗi aikin da take yi a cikin baiti, sannan ya zaɓi hanyar fassarar da za ta hau kiɗa.

Inda matsalar take

Karin magana jimla ce cikakkiya da aka gada, kamar “ruwa ba ya tsami banza”. Adon magana kuwa 'yan kalmomi ne da ma'anarsu ta bar ma'anar kowace kalma ita kaɗai, kamar “farin jini” da “cin fuska” da “jan hali”. Dukansu biyu suna ɗauke da hoto, wato abin da mai sauraro yake gani a zuci, kuma suna ɗauke da saƙo, wato abin da ake nufi. Mai harshe yana karɓar su tare ba tare da ya lura ba. Sai an zo fassara ake gane cewa hoton na iya isa wani harshe lafiya amma saƙon ya juye.

Zafi da sanyi su ne misalin da ya fi fitowa fili. Bahaushe yana zaune a ƙasar rana, don haka abin daɗi a wurinsa sanyi ne: ransa ya yi sanyi, an sanyaya masa zuciya, ya sami inuwa. Zafin rai kuwa fushi ne. Balarabe ma haka yake, shi ya sa “sanyin ido” ya shigo Hausa daga Larabci ya zauna daram. Amma Baturen Ingila ɗan ƙasar sanyi ne. Idan ya ce zuciyar mutum tana da ɗumi, yabonsa yake yi da kirki, idan kuma ya ce tana da sanyi, yana nufin mutumin ba shi da tausayi. Waƙar soyayya ta Hausa da saurayi yake ce wa budurwa ta sanyaya masa zuciya, in aka mayar da ita Turanci kalma da kalma, sai ta koma ƙorafi.

Dabbobi ma haka suke rikiɗa. Mujiya a Hausa ita ce mai baƙin jini, a Turanci alamar hikima ce, a harshen Hindi kuma wanda aka kira da sunanta an ce masa wawa. Giwa a bakin makaɗan fada yabo ne mai girma, har ana kiran uwargidan basarake da ita. A Turanci kiran mace giwa zagi ne. Mawaƙan Indiya kuwa sun fi kusa da Hausawa a nan, domin tun da can suna yabon mace da cewa takunta irin na giwa ne.

Sai gaɓoɓin jiki. Larabawa da mutanen Indiya sukan kira abin ƙaunarsu tsokar hanta, musamman ɗa. Bahaushe yana da “hanta da jini” don nuna shaƙuwa, kuma hantarsa takan kaɗa in ya tsorata, amma in ya ji “tsokar hantata” a waƙa, tukubar mai tsire zai tuna. Abin da yake cewa a wannan wuri shi ne “rabin raina” ko “ɗan lelena”.

Aikin ba sabo ba ne

Hausawa sun daɗe suna wannan aiki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi yawancin waƙoƙinsa na wa'azi da Fulatanci, 'ya'yansa kuma suka mayar da wasu Hausa don jama'a su amfana. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ce ta mayar da “Tabbat Haƙiƙa” Hausa, kuma ba ta mayar da ita zube ba, waƙa ta mayar da ita, wadda ake rerawa har yau. Almajiranta mata na 'Yan Taru da irin waɗannan waƙoƙi suka riƙa koyar da matan ƙauyuka, saboda abin da aka rera ya fi saurin zama a ka.

A makarantun zaure kuwa an bi wata hanya daban. Alburda, wadda Imam Albusiri ya yi a Masar a ƙarni na 13, ta buɗe da ambaton wuraren ƙasar Larabawa da itatuwanta da iskarta. Malami a Bebeji ko Kiru ba ya musanya waɗannan da kuka ko dorawa. Yakan karanta baitin da Larabci, ya fassara, ya tsaya ya yi bayani, domin sunayen suna jan zuciya ne zuwa ƙasar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rayu, kuma wannan shi ne aikinsu. A cikin waƙar kuma akwai inda aka kwatanta son rai da jaririn da ba zai bar nono ba sai an yaye shi. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, kowace uwa ta san yaye.

Daga baya Turawa suka tattara karin maganar Hausa suka fassara. Merrick ya fitar da littafinsa a 1905, Whitting ya haɗa na Hausa da na Fulatanci a 1940, Kirk-Greene kuma ya fitar da “Hausa Ba Dabo Ba Ne” a 1966, mai karin magana 500. A littafi akwai filin yin bayani a ƙarƙashin kowace karin magana, abin da mai rera waƙa ba shi da shi.

Tambaya biyu kafin a ɗora alƙalami

Ta farko: wa za a yi wa fassarar, kuma ta yaya za ta isa gare shi? Fassarar karatu tana da damar ajiye hoton asali ta ƙara bayani. Rubutun da ke gudana a ƙasan allon fim ba ya wuce layi biyu, kowane layi haruffa wajen 40, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi yake wucewa, don haka saƙo ake fara ceto. Fassarar rerawa ita ce mafi tsanani, domin dole ta yi daidai da yawan gaɓoɓin karin waƙar da amsa-amonta.

Ta biyu: wane aiki karin maganar take yi a baitin? Yabo ne, ko zambo, ko habaici, ko gargaɗi, ko lallashi? Wannan tambaya ta fi muhimmanci idan daga Hausa ake fita, saboda mawaƙan baka ba su cika kawo karin magana duka ba. Sukan faɗi rabi su bar wa mai sauraro ya ƙarasa. A ɗauka mawaƙi a wurin biki ya kira wani attajiri “inuwar giginya” ya wuce. Kowa a wurin ya san sauran, cewa na nesa ne ke shan ta, wato mutumin yana yi wa bare alheri ya bar danginsa. Wanda ya mayar da wannan Larabci ko Turanci da “inuwar bishiya” ya mayar da zambo yabo. Haka masuncin Tiga in ya ce “kifi na ganinka”, bai ƙarasa da “mai jar koma” ba, gargaɗi yake yi wa wanda yake zaton ba a gane dabararsa ba. Mai fassara sai ya fara ƙarasa maganar a zuciyarsa, sannan ya duba wa aka jefa da ita.

Da an amsa waɗannan, hanyoyi huɗu ne a gaban mai fassara. Ya ajiye hoton yadda yake, in mai sauraro ya san shi. Ya musanya shi da karin maganar gida mai aiki iri ɗaya. Ya ƙirƙiro sabon hoto daga rayuwar masu sauraro. Ko ya bar hoton gaba ɗaya ya faɗi saƙon a fili.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

An tsara wannan misali don darasin nan. A ɗauka ƙungiyar manoman shinkafa a Tudun Wada ta sami waƙar Turanci mai jan hankali kan tanadi, tana so a rera ta da Hausa a taronta. Baitin yana da layi huɗu, karin waƙar yana ɗaukar gaɓa 9 a kowane layi, kuma kowane layi yana ɗauke da maganar Turawa ta gado. Matakin farko shi ne a rubuta ɗanyar fassara, kalma da kalma, don a ga hotunan a fili:

Ka shanya ciyawa tun rana tana haskawa,
Kada ka ƙirga 'yan tsaki kafin a ƙyanƙyashe su,
Ka yi ajiya saboda ranar ruwan sama,
Ka hana kerkeci zuwa bakin ƙofa.

Layi na farko yana da tarko. Manomin nan ya san shanya ciyawa, domin kowace kaka yana ɗaure harawar wake da ta gyaɗa ya ɗora a kan ɗaki ko bishiya. Amma me zai sa ya yi gaggawa? A Ingila rana ce take wuyar samu, shi ya sa in ta fito ake rububin shanya. A ƙasar Kano rana ba ta ƙarewa da kaka. Abin da yake zuwa ya wuce da sauri shi ne danshin ƙasa bayan ruwan shuka. Saƙon shi ne a yi aiki tun dama tana nan. Hausa tana da “da zafi-zafi ake dukan ƙarfe”, amma gaɓoɓinta 11 ne, kuma za ta shigo da maƙera cikin waƙar gona. Don haka aka bi hanya ta uku, aka juya hoton: “Shuka tun da danshin safiya.” In aka ƙirga, shu-ka-tun-da-dan-shin-sa-fi-ya, gaɓa 9 ce cif. Wannan layi ya kuma kafa amsa-amo, wato kowane layi zai ƙare da “ya”.

Layi na biyu hotonsa yana nan a kowane gida, don ba wanda bai taɓa ganin kaza ta yi kwanci a kan ƙwai goma ta fito da shida ba. Hanya ta farko ta dace. Akwai karin maganar gida masu kama da shi, amma kowace da cikas. “Cinikin biri a sama” ta fi karkata ga saye da sayarwa. Wadda take magana kan yabon ɗan kuturu kuwa za ta iya sosa ran wani a taron jama'a, kuma waƙar wayar da kai ba ta son a tashi da ɓacin rai. Sai dai a lura da abu guda: Hausawa suna cewa “ƙwai a baka ya fi kaza a akurki”, inda ƙwai shi ne abin da ya tabbata. A maganar Turawa kuwa ƙwai shi ne abin da bai tabbata ba. Dole a nuna inda ƙwan yake don kada kunne ya tafi waccan. Aka ce: “Ƙwai a gurbi bai zam dukiya.” An gutsure “zama” ta koma “zam”, kamar yadda mawaƙa suka saba, don a tsaya a gaɓa 9.

Layi na uku shi ne mafi haɗari. Ranar ruwan sama a bakin Bature ranar wahala ce. A waƙar Hausa kuwa ruwa rahama ne, damina uwar albarka ce. Gaskiya ne rumbu yakan yi ƙasa a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya nuna, amma manomin da ya ji “ranar ruwa” a waƙa farin ciki zai fara yi. An gwada “don tuwon gobe ake wanke tukunya”, sai aka ga an fi faɗinta wajen kyautata wa wanda za a sake nema. An gwada “ba a fafe gora ranar tafiya”, ita kuma shiri take nufi, ba ajiya ba. Zubin farko sai ya zama: “Rage na gobe cikin ƙwarya.”

Layi na huɗu yana nufin a kare gida daga yunwa. Mai gaggawa zai cire kerkeci ya sa kura, tunda ita aka sani. Amma kura a Hausa zari da tsoro take nunawa, kuma in ta zo ƙofa awaki ake ji wa, ba tuwo ba. Aka bar dabbar aka ce: “Har dai yunwa ta sake hanya.”

Yanzu ma'ana ta zauna, gaɓoɓi sun cika, amsa-amo ya yi. Amma da aka rera, sai aka ji layi biyu na ƙarshe suna tuntuɓe. Dalili shi ne nauyin gaɓa. A Hausa gaɓa mai gajeren wasali marar nauyi ce, kamar “fi” a “safiya”. Wadda take da dogon wasali, ko ta ƙare da baƙi, mai nauyi ce, kamar “sa” a “safiya” ko “han” a “hanya”. Kalmomin “safiya” da “dukiya” suna tafiya ne mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. “Ƙwarya” da “hanya” kuwa masu nauyi biyu ne a jere, don haka ba sa faɗawa inda kiɗa yake jiransu. Sai aka nemo kalmomi masu tafiyar “safiya”, aka sami “moriya” da “lafiya”. Ga baitin da aka tsaya a kai:

Shuka tun da danshin safiya,
Ƙwai a gurbi bai zam dukiya,
Bar na gobe, shi ne moriya,
Kai da naka kwa kwan lafiya.

Ya kamata a lissafa abin da aka samu da abin da aka rasa. Cikin hotuna huɗu na asali, ɗaya ne kawai ya tsallako yadda yake. An juya ɗaya, biyu kuma an faɗi saƙonsu a fili. Ƙwarya ta tafi saboda kiɗa, kalmar yunwa ma ta tafi, “kwan lafiya” ta ɗauki aikinta. Da fassarar karatu ce, da an ajiye kerkecin an yi masa bayani a ƙasa.

Yadda ake gane an kauce

Alama ta farko ita ce dariya a inda ba a nufi dariya ba, ko shiru a inda ake jiran a ce “haka ne”. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rera wa wanda bai san waƙar asali ba, a ce ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa. In mawaƙi ya yi zambo, shi kuma ya ji yabo, a koma baya.

Ta biyu ita ce hoton da aka cire a baiti na farko alhali waƙar ta gina sauran baitocinta a kansa. In waƙar Indiya ta fara da ruwan watan Sawan, lokacin da mawaƙansu suke danganta shi da kewar masoyi, sannan ta ci gaba da ambaton gajimare da tsawa, wanda ya cire ruwan tun farko zai rasa inda zai rataya sauran. Shi ya sa ake karanta waƙa duka kafin a taɓa layin farko.

Ta uku ta shafi karin sauti. “Wuya” na jiki da “wuya” ta wahala hawa da saukar murya ne ya raba su, haka “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya. Karin waƙar da aka aro daga wani harshe yana iya ɗaga murya a inda Hausa take sauke ta. In haka ta faru, a ƙara kalmar da za ta fayyace ma'ana, ko a sauya wa kalmar wuri a cikin layin.

Ta huɗu ita ce yawan gishiri. Wani mai fassara in ya ga ya iya karin magana sai ya cusa ta a kowane layi, har da inda mawaƙin asali ya yi magana kai tsaye. Nan ya daina fassara, ya shiga yin tasa waƙar.

Tambayoyi da aikin aji

1. Ɗalibi ya bambanta karin magana da adon magana, ya kawo misali biyu na kowanne waɗanda ba su zo a darasin ba.

2. Me ya sa malaman zaure ba sa musanya sunayen wuraren da ke farkon Alburda da sunayen wuraren gida?

3. A baitin manoman Tudun Wada, wace hanya aka bi a kowane layi cikin hanyoyi huɗu, kuma me ya hana a sa kura a layi na huɗu?

4. Ɗalibi ya ƙirga gaɓoɓin “mai haƙuri yakan dafa dutse”, sannan ya taƙaita ta ta koma gaɓa 8 ba tare da saƙon ya ɓace ba.

5. Ɗalibai su kasu gida-gida. Kowane gida ya nemi wanda yake jin Fulatanci ko Kuramanci ko Larabci a garinsu, ya karɓo karin magana ɗaya daga gare shi tare da bayanin lokacin da ake faɗinta. A rubuta ɗanyar fassararta, a rubuta aikin da take yi, sannan a mayar da ita layin waƙa na Hausa mai gaɓa 9, a rera wa aji a zama na gaba.